Tafiyar Hawainiya, Gudun Rana da Sauya Giya: Tambayoyi da Amsoshi kan Sarrafa Lokaci a Bidiyon da Inji Ya Ƙirƙira

Waɗannan tambayoyi na tattara su ne daga bakin masu haɗa bidiyon talla da na biki da ke leƙowa shagona a nan Garwa, da waɗanda ke aiko da saƙon murya daga Marwa, Kusiri da Injamena. Kusan duk kuka ɗaya ne: mutum ya rubuta wa injin ƙirƙirar bidiyo umarni, ya kashe kiredit, bidiyo ya fito da kyau, amma lokacin cikinsa ya ƙi tafiya yadda yake so. Misali ɗaya zan riƙe har ƙarshe, wato tallar da na taɓa haɗa wa wani mai shayi a unguwarmu, sai inda dole ta sa na ɗauko wani.

Mene ne bambancin waɗannan abubuwa uku?

Tafiyar hawainiya ita ce abin da ake rubutawa `slow motion`, masu Faransanci kuma su ce ralanti: abin da ya faru cikin sakan ɗaya a miƙe shi ya ci sakan huɗu ko biyar. Gudun rana shi ne sunan da na ba wa `time-lapse`, inda ake curo awa guda ko yini guda a zuba shi cikin 'yan sakanni, gajimare ya riƙa gudu, inuwa ta riƙa jan ciki a ƙasa. Sauya giya kuwa shi ne `speed ramp`: ɗauka ɗaya ce ba yanka, amma saurinta yana canzawa a tsakiya, kamar mai babur da ya taho a guje, ya rage a kan kwana, ya sake murɗa totur.

Akwai ɗan'uwan gudun rana da ake rubutawa `hyperlapse`. Shi kyamarar ma tafiya take yi yayin da lokaci ke gudu. Na taɓo shi a tambayar da ta shafi kogin Binuwai.

Malam, na rubuta `120fps` a umarni, amma fayil ɗin da ya sauko yana nuna 24. An cuce ni ne?

Ba a cuce ka ba. A kyamara ta gaske, tafiyar hawainiya lissafi ce: ka ɗauki hotuna 120 a kowane sakan, ka nuna su 24 a kowane sakan, sai abin da ya faru cikin sakan ɗaya ya ci sakan biyar. Wayar da ke ɗaukar 240 tana nuna 30 tana ba ka ninki takwas. Injin ƙirƙirar bidiyo ba shi da kyamara, ba shi da abin da ya faru a gabansa da zai miƙe. Adadin hotunan da zai fitar a ƙayyade yake tun kafin ka rubuta komai. Injin Veo 3, alal misali, lokacin da ya fito a 2025, guntun sakan takwas yake bayarwa a kan hotuna 24, wato hotuna 192 ke nan cif. Runway Gen-3 da Kling sun saba ba da sakan biyar ko goma.

To me `120fps` ke yi a cikin umarni? Tana yin aikin da kalmar "gwal" ko "dare" ke yi: tana tuna wa injin kamannin bidiyoyin da ya koya a kansu masu ɗauke da irin wannan bayani. Sai ya zana hotunansa 192 ta yadda tazarar motsi tsakanin hoto da hoto ta zama ƙarama. Saboda haka lambar ba alkawari ba ce. Za ka iya rubuta 120 ya ba ka jinkirin ninki biyu, ka rubuta 1000 ya ba ka kusan abu ɗaya. Ina sa lambar, don tana ɗan taimakawa, amma ba ita nake jingina da ita ba. Abin jingina yana cikin amsa ta gaba.

To da me injin yake nuna cewa lokaci ya yi jinkiri ko ya yi gudu?

Da abubuwan da ke cikin hoton. Mai kallo ba ya ganin agogo, abin da yake gani shi ne wani abu da ya san saurinsa tun yana yaro: ruwa yana zuba, ƙura tana tashi, gefen babbar riga yana kaɗawa, ido yana ƙiftawa. Idan ya ga ɗigon ruwa ya rataye a iska, jikinsa ne ke gaya masa an ja lokaci. Idan babu irin wannan abu a cikin hoton, ba shi da ma'auni. Ka rubuta cewa mutum yana zaune a kan benci cikin tafiyar hawainiya, abin da za ka samu shi ne mutum mai kasala, ko hoto da ya kusa daskarewa.

Don haka nake cewa kowane umarni na lokaci yana buƙatar "agogonsa", wato abu guda da za ka ambata da suna, ka faɗi yadda yake motsi. A tallar mai shayi agogona shi ne igiyar shayin da ke saukowa daga kofin sama zuwa na ƙasa, da tururi. A hawan Sallah a ƙofar fadar Lamiɗo, agogon shi ne ƙasar da kofaton doki ke watsawa da jelar rawani. A gudun rana agogon babba ne: inuwa, gajimare, launin sama.

Ga wani gwaji da nake yi da ido. Abin da aka saki daga tsayin mita ɗaya yana isa ƙasa cikin ƙasa da rabin sakan, kimanin 0.45, wato hotuna 11 a bidiyo mai 24. Idan a bidiyonka ɗigon ya ci sakan biyu kafin ya sauka daga wannan tsayi, jinkirinka ya kai ninki huɗu da ɗoriya. Wannan lamba za ta yi maka amfani idan ka zo sauya giya a manhajar tacewa.

Yaya ake rubuta umarnin tafiyar hawainiya da zai yi aiki? A ba mu misali cikakke.

Bari in faɗi yadda na fara, don kuskurena shi ne na kowa. Na rubuta cewa mai shayi ya ɗauki buta, ya zuba, ya sa madara, ya juya da cokali, ya miƙa wa mai saye, duk a `slow motion`. Ban tsaya na yi lissafi ba. Idan jinkirin ninki biyar ne, sakan takwas na bidiyo yana ɗauke da sakan 1.6 kacal na rayuwa. Wane mai shayi ne zai yi aiki biyar cikin sakan ɗaya da rabi? Injin yana da zaɓi biyu, kuma duka biyun ya nuna mini a gwaji daban-daban: sau ɗaya ya yi watsi da jinkirin ya yi ayyukan da saurin yau da kullum, sau ɗaya kuma ya riƙe jinkirin, cokali ya tsiro a hannun mutumin daga babu, kofi ya narke ya koma wani kofi.

Sai na yanke komai na bar aiki ɗaya, na kawo kyamara kusa, na hana ta motsi:

```
Close-up, locked camera. Milky tea pours in one thin stream from a raised cup into a cup below. Slow motion, 120fps look: droplets hang and fall slowly, steam curls upward. Backlit, sharp droplets.
```

Kowane yanki yana da dalilinsa. Na ce kyamara a kafe take, domin in ita ma tana yawo, mai kallo zai rasa wanne ne ke jinkiri. Na ce zuba ɗaya, igiya ɗaya siririya. Bayan kalmar jinkirin na faɗi abin da jinkirin yake yi wa ɗigo da tururi, wato agogon da na ambata a sama. Na nemi haske daga baya, domin tururi da ɗigo ba sa fitowa sosai sai haske ya ratsa su, kamar yadda kake ganin tururin shayi da asubahin hunturu idan rana ta ɓullo ta bayan teburin. Na kuma nemi ɗigo mai kaifi, don kyamarar da ke ɗaukar hotuna 120 tana buɗe idonta na ɗan lokaci ƙanƙani a kan kowane hoto, shi ya sa tafiyar hawainiya ta gaske ba ta da dishi-dishin motsi. A gwaji na uku na samu abin da na yi amfani da shi.

Ni matsalata akasin haka ce. Ban nemi jinkiri ba, amma kowa a bidiyona tafiya yake kamar a cikin ruwa.

Wannan ita ce tambayar da ta fi zuwa mini, ta ma fi ta neman jinkirin yawa. Injinan nan suna da karkata zuwa ga tafiyar hawainiya. Bidiyoyin talla da na sayarwa da suka cika intanet da yawansu a jinkirce aka ɗauke su, kuma ƙaramin motsi ya fi sauƙin zanawa ba tare da fuska ko yatsu sun lalace ba. Sannan mu ma muna ƙara tura su da kalmomin ƙawa. Duk sa'ad da ka rubuta `cinematic`, `dreamy`, `graceful` ko `epic`, ka sani ka ba injin uzurin ya ja ƙafa.

Maganin yana da matakai. Da farko cire waɗancan kalmomi. Sannan ka faɗi saurin a fili da `real-time speed` ko `normal speed`, ka zaɓi aikatau mai kuzari irin su `walks briskly`, ka ƙara `handheld phone footage` da `natural motion blur`, domin bidiyon waya da aka riƙe a hannu kusan kullum da saurin rayuwa yake. Abin da ya fi duka ƙarfi a wurina shi ne ƙidaya: ka ce mutumin ya yi taku goma ya ƙetare titi ya kai ɗaya gefen kafin bidiyon ya ƙare. Tunda dole aikin ya kammala cikin sakan takwas, babu filin jinkiri. Ka lura wannan shi ne lissafin mai shayi a juye.

Idan manhajarka tana da akwatin `negative prompt`, inda ake rubuta abin da ba a so ya fito, can ne wurin rubuta `slow motion`. Kada ka rubuta `no slow motion` a cikin babban umarni. Sau da yawa injin yana kama kalmomin biyu na ƙarshe ya manta da "a'a" ɗin, kamar yaron da aka ce kada ya taɓa tukunya, sai tukunyar kawai ya ji.

Da wane harshe zan rubuta, Hausa, Faransanci ko Turanci?

A gwajina Turanci ne ya fi ba da sakamako iri ɗaya a kai a kai, musamman ga kalmomin sana'ar kyamara. Faransanci yana aiki a injina da dama, `ralenti` da `accéléré` ana gane su. Abin da nake yi shi ne in tsara tunanina da Hausa a takarda, aiki nawa, agogo wanne, sakan nawa, sannan in juya shi zuwa gajerun jimlolin Turanci. Ba a buƙatar Turanci mai zurfi. Kalmomin lokaci da za ka yi ta maimaitawa ba su wuce goma sha biyu ba, kuma yawancinsu suna cikin wannan shafi.

Na nemi `time-lapse` na kogin Binuwai da magariba, sai na samu bidiyo na yau da kullum da gajimare mai ɗan sauri. Me ya ɓace?

Abin da ya ɓace shi ne farko da ƙarshe. Gudun rana labarin canji ne, daga wani hali zuwa wani, kuma in ba ka faɗi halin biyu ba injin zai ɗan kaɗa gajimare ya ce ya gama. Ka yi tunanin yadda mai kyamara na gaske zai yi. Zai kafa ƙafa uku a bakin gada, ya ɗauki hoto ɗaya kowane sakan goma. Hotuna 192 za su ci sakan 1920, wato minti 32. Rana tana tafiyar digiri 15 a awa, don haka cikin wannan lokaci ta yi digiri takwas. A ƙasarmu, da muke kusa da tsakiyar duniya, hasken bayan faɗuwar rana ba ya kai rabin awa kafin fitilu su fara rinjaye, saboda haka wannan ɗan tsakani ya isa ya ɗauke ka daga jan sama zuwa shuɗi mai duhu. Wannan tafiya ce za ka rubuta:

```
Time-lapse, locked tripod, wide view of a broad river and bridge. Starts with low orange sun, ends in dark blue dusk. Clouds race, shadows stretch then vanish, vehicle lights become streaks.
```

Ka ga agogo uku a ciki: gajimare, inuwa, da fitilun motoci da suka koma zare. Ka kuma ga `locked tripod`, wadda in ka bar ta injin yakan fara shawagi da kyamara har gadar ta lanƙwashe. Kada ka yi haɗama ka ce daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Awa 12 cikin hotuna 192 yana nufin hoto ɗaya kowane sakan 225, kusan minti huɗu, kuma a irin wannan gudu babu abin da ido zai riƙe sai walƙiyar haske. Rabin awa zuwa awa biyu ya fi kyau a guntu ɗaya.

Idan kana son kyamara ta yi tafiya, to `hyperlapse` za ka rubuta, ka ba ta hanya ɗaya madaidaiciya da abu ɗaya da take nufa, misali `moving straight toward the gate`. In ka haɗa `time-lapse` da `drone orbit` da `zoom` a umarni guda, gine-gine za su yi ta numfashi kamar balan-balan.

Me ya sa mutanen da ke cikin gudun ranar kasuwa suke fitowa kamar aljanu?

Domin injin yana ƙoƙarin haɗa abu biyu da ba sa haɗuwa. A gudun rana na gaske, mutumin da ke tafiya yana bayyana a hoto ɗaya ko biyu ne ya ɓace, tunda sakan goma ne tsakanin hoto da hoto. Shi kuwa injin ya saba riƙe mutum daga farkon bidiyo zuwa ƙarshe. Sakamakon shi ne mutane masu tafiya da saurin yau da kullum a ƙarƙashin sama mai gudu, ko jikkuna da ke narkewa cikin juna. Wani yaro daga Marwa ya turo mini na babbar kasuwarsu: rumfuna lafiya lau, amma wata mata mai tallar goro ta rabu biyu ta bi hanya biyu.

Ka gaya wa injin tun farko cewa mutane ba su ne abin kallo ba: `crowd as blurred streaks, no distinct faces`. Ka ɗaga kyamara sama, ka nisanta ta. In kuma kana son mutum ɗaya a tsaye cak jama'a na gudu kewaye da shi, ka faɗi haka ƙarara, `one man stands perfectly still`, amma ka shirya yin gwaji fiye da ɗaya, don wannan yana daga cikin masu wuya.

Idan da hoto na fara ba da rubutu ba, hoton yana da tasiri a kan lokaci?

Yana da shi, har yakan rinjayi rubutun. Hoton da aka kama ɗigon ruwa a tsaye a iska yana jan injin zuwa jinkiri ko ba ka nema ba. Hoton da fitilun motoci suka riga suka zama zare yana jan shi zuwa gudun rana. Hoton mutum a tsaye sak, hannu a gefe, yana haifar da wancan motsi na cikin ruwa da aka yi kuka da shi a sama. Idan gudu kake so, fara da hoton da mutumin ya riga ya ɗaga ƙafa, rigarsa ta karkata.

A manhajojin da ke karɓar hoton farko da na ƙarshe, gudun rana ya fi sauƙi. Ka kafa wayarka wuri ɗaya, ka ɗauki tsaunin Rumsiki ko gaban shagonka da la'asar, ka sake ɗauka bayan magariba ba tare da ka motsa ta ba, ka ba injin duka biyun. In wayar ta gusa ko da kaɗan, injin zai cike gurbin da motsin kyamara da ba ka nema ba. Kuma gaskiya, in har ka iya kafa waya na rabin awa, yawancin wayoyi suna da gudun rana a cikin kyamararsu, kyauta.

Za a iya samun sauya giya ta hanyar umarni kawai?

Ana samu, amma shi ne mafi rashin tabbas cikin ukun. Rubuta `speed ramp` kaɗai ba ya isa. Dole ka faɗi abin da ke jawo canjin, wato lokacin da wani abu ya faru a hoton, sannan ka hana yanka:

```
Single continuous shot, no cuts. A horse gallops toward camera at real-time speed. As it rears up, time slows sharply, dust hangs in the air. As the hooves land, normal speed returns.
```

Kalmar `as` ita ce ƙugiyar. Injin ya fi gane "sa'ad da dokin ya ɗaga ƙafafun gaba" fiye da "a sakan na uku". Wasu injina suna bin alamun lokaci irin su `[00:00-00:03]`, amma sau da yawa suna ɗaukar kowace alama a matsayin sabuwar ɗauka, sai su yanka maka bidiyon gida uku.

Gazawar tana zuwa da siffa uku da za ka gane nan take. Ko dai bidiyon duka ya zama jinkiri, ko a yanka a tsakiya, ko kuma ta ukun wadda ta fi ɓoyewa: dokin ya yi jinkiri amma ƙurar da 'yan kallo suna tafiya da saurinsu. Wannan doki ne mai kasala, lokaci bai canza ba. Kullum ka duba bayan hoton kafin ka karɓa. Ni dai idan gwaji biyu suka faɗi ba na yin na uku, hanyar da ke ƙasa nake bi.

To wace hanya ce ta fi tabbas wajen sauya giya?

Ka ƙirƙiri guntun duka a tafiyar hawainiya, sannan ka ƙara saurin farkonsa da ƙarshensa a manhajar tacewa. Dalilin yin haka a wannan jeri shi ne ƙara sauri zubar da hotuna ne kawai, kuma zubarwa ba ta ɓata komai. Rage sauri kuwa yana buƙatar hotunan da babu su. A CapCut ka shiga `Speed` sannan `Curve`, ko `Vitesse` da `Courbe` in wayarka da Faransanci take. A DaVinci Resolve akwai `Retime Controls` da `Retime Curve`.

Ga yadda na yi wa tallar shayin. Da gwajin faɗuwar ɗigo na auna jinkirin ya kai kimanin ninki huɗu. Na ɗauki sakan uku na farko na ninka saurinsu huɗu, suka koma 0.75. Na bar sakan biyu na tsakiya yadda suke, daidai inda shayin ya daki ƙasan kofi ya yi kumfa. Sakan uku na ƙarshe su ma suka koma 0.75. Jimla sakan uku da rabi. Ka ga abin da ya faru: guntun sakan takwas ya koma ƙasa da rabinsa. Duk wanda zai yi wa abokin ciniki farashi ya sa wannan a lissafi, don tallar sakan goma sha biyar mai sauya giya za ta ci guntaye huɗu ko biyar. Kuma kada ka bar canjin ya zo kwatsam. Ka lanƙwasa layin saurin ya ɗauki kamar rabin sakan yana sauka, in ba haka ba zai yi kama da bidiyon da ya sarƙe saboda rashin netiwok.

Abu ɗaya zai tona asirinka. Sashen da ka ƙara wa sauri ba shi da dishi-dishin motsi, tunda an zana shi da kaifi, sai ya riƙa tsalle-tsalle a ido. In manhajarka tana da `Motion Blur`, kunna shi a wannan sashe kaɗai. Mai kwamfuta zai iya yanke sashen ya zama fayil daban, ya cakuɗa hotunansa huɗu-huɗu da manhajar ffmpeg kafin ya ƙara saurin:

```
ffmpeg -i shayi.mp4 -vf "tmix=frames=4,setpts=0.25*PTS" -r 24 -an sauri.mp4
```

Ba zan iya ɗaukar guntun da ke tafiya daidai in rage masa sauri da kaina ba?

Za ka iya, amma da iyaka. Bidiyo mai hotuna 24 da aka rage zuwa rabi yana da sabbin hotuna 12 ne kawai a kowane sakan, kowanne ana nuna shi sau biyu, ido kuma yana ganin cijewar. Mafita ita ce manhaja ta ƙago hotunan tsakiya, abin da ake gani da sunan `Optical Flow`. Da ffmpeg haka yake:

```
ffmpeg -i doki.mp4 -vf "minterpolate=fps=48:mi_mode=mci,setpts=2*PTS" -r 24 -an jinkiri.mp4
```

Wannan dabara tana bin kowane yanki na hoton ta ƙiyasta inda yake tsakanin hoto biyu. Tana yin kyau a kan fuska da ke juyawa a hankali, ko mota a fili. Tana rikicewa a kan fantsamar ruwa, ƙura, hayaƙi, ƙafafun doki da ke gilma juna, da atamfa mai ƙananan zane. Abin takaicin shi ne waɗannan su ne ainihin abubuwan da ake yin tafiyar hawainiya dominsu. Alamar lalacewa ita ce gefen abu yana malelewa kamar man shanu a rana. Rabin sauri shi ne iyakata, ƙasa da haka gara in sake ƙirƙira.

Yaya batun sauti da magana?

Magana da jinkiri ba sa zama a guntu ɗaya. Idan injinka yana fitar da sauti kuma ka sa wa mutum kalaman da zai faɗa, leɓɓansa dole su bi saurin magana, sai sauran jikin ya biyo baya, jinkirin ya tafi. Ka raba su: guntun magana daban, guntun jinkiri daban. Guntun da za ka taɓa saurinsa kuma ka cire masa sauti gaba ɗaya, shi ne aikin `-an` a umarnan da ke sama, domin sautin da aka ja ko aka matse yana canza murya ko ya yi ƙarar gwangwani. A tallar shayin na je da wayata na naɗi ƙarar zubar shayi ta gaske da hayaniyar masu babur, na rage hayaniyar a daidai sakan biyun jinkiri, na bar ƙarar kumfa ita kaɗai. Mai shayin da ya gani bai ce komai a kan hoton ba, cewa ya yi, "Malam, wannan ƙarar kofina ce."

Na haɗa guntun inji da bidiyon wayata, sai guntun yake ɗan cijewa ko da ban taɓa saurinsa ba. Laifin umarni ne?

A'a, adadin hotuna ne bai zo ɗaya ba. Wayarka tana ɗaukar 30 a sakan, guntun kuma 24 ne. Idan aikin tacewar a kan 30 yake, manhaja tana cike gurbin hotuna shida a kowane sakan ta hanyar maimaita hoto ɗaya cikin kowane huɗu. A motsi mai sauri ba a cika lura ba, amma a tafiyar hawainiya mai santsi ido yana kama shi nan da nan. Ka duba adadin guntun kafin ka fara, ka sa aikin a kansa, in kuma wayarka tana ba da zaɓin 24 ka ɗauki sauran da shi.

Wanda zai kai aikinsa gidan talabijin a Kamaru ko Chadi, inda 25 ake amfani da shi, abin ya fi sauƙi. Ka umarci manhajar ta karanta guntun mai 24 a matsayin 25. Saurinsa zai ƙaru da kusan kashi huɗu cikin ɗari, wanda ido ba ya gani, guntun sakan takwas ya koma sakan 7.68, kuma babu hoto ko ɗaya da za a maimaita.